Yadda Excel Ke Ɗauko Farashi Da Kansa

A ce mai shagon kayan masarufi ya ajiye jerin kayansa a Sheet2: lambar kaya a ginshiƙin A, suna a B, farashi a C. A shafin ciniki kuwa, lambar kayan kawai yake rubutawa a A2. Maimakon ya riƙa leƙa farashi yana kwafa da hannu, sai ya sa wannan a B2:

```
=VLOOKUP(A2,Sheet2!$A$2:$C$200,3,FALSE)
```

Excel zai nemi lambar a ginshiƙin farko na jerin, ya ɗauko abin da ke ginshiƙi na uku. Daga nan sai a ja dabarar zuwa ƙasa.

Alamar $ ita ke riƙe jerin kada ya zame yayin ja. In babu ita, layukan sama za su yi daidai, na ƙasa su fara ɓacewa. FALSE kuma na nufin sai lambar ta dace sak. A ganina mantawa da shi ya fi haɗari, domin farashin wani kaya na iya fitowa ba tare da gargaɗi ba.

Idan #N/A ya bayyana, lambar ce ba a samu ba. Sau da yawa ɗan fili ne ya maƙale a ƙarshenta, ido ba ya ganinsa.