Taƙaita Tsakuren Muƙala Tsakanin Ijazi da Ihlali

Malaman balaga sun bambanta ijazi, wato isar da cikakkiyar ma'ana da lafazi kaɗan, da ihlali, wato gajartawar da ke tauye ma'ana. Ma'aunin ISO 214 na shekarar 1976 ya nuna cewa tsakuren yawancin muƙaloli bai kamata ya kai kalmomi 250 ba, wasu mujallu kuma kan tsaya a 150. Wanda zai matse tsakurensa cikin wannan haddi tilas ya san inda ijazi ya ƙare, ihlali ya soma.

A ƙaddara ɗalibi ya binciki cinikin salam a kasuwar Sara ta ƙaramar hukumar Gwaram, inda manomi zai karɓi kuɗi da damina, ya biya da hatsi da kaka. Tsakurensa ya kai kalmomi 240, mujalla kuwa 150 take so. Abin da zai fara zubarwa shi ne shimfiɗa: hamdala, tarihin garin, da ma'anar salam a lugga da isɗilahi. Muhallinsu cikin muƙalar ne, kuma mai karanta mujallar ilimin addini ba baƙon wannan babi ba ne.

Daga nan sai ya bi jumlolin ɗaya bayan ɗaya. "Wannan muƙala za ta yi ƙoƙarin yin nazari a kan yadda ake gudanar da cinikin salam a tsakanin manoma da 'yan kasuwa a garin Sara" kalmomi 25 ne. "Muƙalar ta nazarci cinikin salam tsakanin manoma da 'yan kasuwar Sara" kalmomi 11 ne, ba a kuma rasa komai ba. Wanda ya saba rubutu da Larabci ya lura cewa na'ura na ƙirga "da", "ta" da "a" a matsayin kalmomi masu zaman kansu, alhali Larabci kan liƙa irinsu a jikin kalma.

Rabon da ya dace shi ne manufa ta ɗauki kimanin kalmomi 25, dabarun bincike 35, kammalawa 30, sakamako kuwa 60, domin shi mai karatu ya zo nema. Abin takaici, nan ne almakashi ya fi faɗawa. Ɗalibi kan maye gurbinsa da "an gano muhimman abubuwa", wanda ihlali ne tsantsa. Dole ya faɗi ko ana ayyana ma'auni, sifar hatsi da ajali, da ko ana jinkirta kuɗin fiye da kwana uku da Malikiyya suka yi rangwame a kai. A dabarun bincike ma, adadin waɗanda aka zanta da su da littafin da aka auna cinikin da shi, kamar Mukhtasar na Khalil, ba sa cikin abin yankewa.

Hanyar gwaji ita ce a miƙa tsakuren ga wanda bai karanta muƙalar ba, a tambaye shi hukuncin da aka cim ma da hujjarsa. In ya kasa amsawa, sai a ƙara rage manufa, a mayar da kalmomin ga sakamako.