Yashi, Turɓaya ko Yumɓu: Rariya da Ruwa ke Raba Gardama

Baƙar ƙasar nan da ke shimfiɗe a yankin Numan da kewayen Tafkin Chadi, da rani sai ta dare har hannu ya shige, da damina kuwa ta kumbura ta ɗaga daɓen ɗaki. Kafin injiniya ya ɗora gini a kanta sai ya tantance ta, kuma ido ba ya wannan aiki.

A ce an busar da giram 500 na ƙasa, aka wanke ta a kan rariya mai ido milimita 0.075. Wankin nan dole ne, domin busasshen yumɓu kan dunƙule ya yi kama da yashi, ya ruɗi mai awo. Abin da ya rage a bisa, a ce giram 160, sai a tankaɗe shi cikin jerin rariyoyi daga mai manyan idanu zuwa mai ƙanana, a auna abin da ya wuce kowace, a zana layi a takarda. Layin da ya sauka a tsaye yana nuna ƙwayoyin kusan girmansu ɗaya, irin rairayin tudu da ba ya daddaluwa. Wanda ya gangaro a hankali, manya da ƙanana sun cakuɗu, za su kama juna. A nan giram 340 suka wuce, wato kashi 68 cikin ɗari. Tunda sun haura rabi, wannan ba yashi ba ce.

Daga nan aikin rariya ya ƙare. Turɓaya da yumɓu duk suna wuce ta, sai ruwa ya bambanta su. Ana kwaɓa ƙasar, a shafa a ɗan kwanon tagulla na Casagrande, a tsaga ta biyu, a riƙa buga kwanon. Yawan ruwan da zai sa tsagar ta haɗe a bugu 25 shi ne iyakar malala, LL. Sannan a murza wani kwaɓin a tafi kamar taliya. Ruwan da ke ciki sa'ad da ta fara gutsurewa a kaurin milimita 3 shi ne PL. Tazarar da ke tsakaninsu, PI, ita ce ma'aunin danƙo.

A ce LL ya fito 62, PL kuma 27. PI ya zama 35. Sai a gwada da mizanin Casagrande, `PI = 0.73(LL − 20)`, wanda a nan ya ba da kusan 31. Namu ya ɗara, kuma LL ya wuce 50: yumɓu ne mai tsananin danƙo. Da PL 38 ne, PI zai tsaya 24, ƙasa da mizani, sai a ce turɓaya ce, alhali layin rariyar bai sauya ba.

Shi ya sa nake roƙon mai shirin gini a fadama: idan aka kawo maka takardar gwaji mai layin rariya kaɗai, ka mayar da ita a ƙaro maka LL da PL.