Manhaja na aiki a laftof, ta ƙi tashi a saba: ina matsalar take?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu rubuta manhaja: "Ai a kwamfutata tana aiki." Sun gama aiki, sun gwada a laftof, komai lafiya lau. Da aka ɗora manhajar a kan saba, wato babbar kwamfutar da jama'a ke shiga ta intanet, sai ta ce ba ta san zancen ba. Sau da yawa ko harafi ɗaya bai canza ba a abin da suka rubuta. Laburaren da manhajar ta dogara da su ne suka bambanta.

Laburare wani rubutaccen aiki ne da wasu suka riga suka yi, mai manhaja ya ɗauko ya ɗora nasa a kai. Kowanne yana da lambar siga, kamar 2.2.2. Masu shi kan fitar da sabuwar siga lokaci zuwa lokaci, su ƙara wani abu, su cire wani. A bisa al'ada, idan lambar farko ta canza, to an yi sauyin da zai iya karya tsohon aiki.

Ga abin da ya faru a 2023. Flask laburare ne na harshen Python da ake gina shafukan intanet da shi, kuma shi ma ya dogara ne da wani mai suna Werkzeug. Siga ta 2.2.2 ta Flask, wadda ta fito a 2022, sharaɗinta shi ne a ba ta Werkzeug 2.2.2 ko wadda ta fi ta sabunta, ba tare da an yanka iyaka daga sama ba. A ƙarshen Satumban 2023 aka fitar da Werkzeug 3.0.0, aka cire wani ɗan aiki mai suna `url_quote` wanda waccan siga ta Flask ke nema da zarar ta tashi.

To, a ce wani ya girka Flask 2.2.2 a laftof ɗinsa a farkon shekarar. A lokacin `pip`, mai ɗauko laburare, ya kawo masa Werkzeug ta zamanin, ta zauna a nan, don ba ya sauya abin da ya riga ya cika sharaɗi. A takardar `requirements.txt` mutumin ya rubuta `Flask==2.2.2` kaɗai. Da watan Oktoba ya zo, aka girka komai daga farko a saba. Sai `pip` ya ɗauko Werkzeug mafi sabunta, manhaja ta faɗi da wannan saƙo:

```
ImportError: cannot import name 'url_quote' from 'werkzeug.urls'
```

Tamkar ka aiki yaro kasuwa ne ka ce ya sayo ƙarfen gyaran injin, ba ka faɗa masa lamba ba. Abin da ya tarar a shago ranar shi zai kawo.

Yaya ake gane wannan ciwo? Saƙon kuskuren yakan ambaci sunan da ya ɓace daga cikin laburare, kuma faɗuwar takan zo ne bayan an sake girka kaya a saba. Tabbacin kuwa yana cikin kwatance. A buga `pip freeze` a laftof, a buga a saba, a jera sakamakon biyu. Umarnin yana lissafa kowane laburare da sigarsa, har da waɗanda suka shigo ta hannun wasu. A wannan misali, layin Werkzeug ne zai tona asiri.

Maganin gaggawa shi ne a ƙara `Werkzeug==2.2.2` a takardar. Mai ɗorewa kuwa shi ne a ware wa kowace manhaja keɓaɓɓen muhallinta da `venv`, sannan a daskarar da duk sigogin da aka gwada:

```
pip freeze > requirements.txt
pip install -r requirements.txt
```

Layin farko a laftof, na biyu a saba. Amma wannan takarda ba ta ɗaure sigar Python kanta ba, shi ya sa wasu ke naɗe manhaja da duk kayanta cikin Docker. Haka kuma sigar da aka daskarar ba ta samun gyaran tsaro da ke fitowa daga baya. Dole a riƙa sabuntawa da gangan, a gwada a sabar gwaji kafin a kai ga jama'a.

Kai da ka ba da kwangilar manhaja, kada gwajin laftof ya ishe ka. Ka nemi a girka ta daga farko a kwamfutar da ba ta taɓa ɗaukar ta ba, ta tashi a gabanka, sannan ka karɓi aiki.