Shaidar Hoto a Kan Laimar Kwaɗi

Idan damina ta kankama, ƙasa ta jiƙa, laimar kwaɗi ta fara ɓullowa a gindin itatuwa da bakin juji da gefen suri, mai sha'awar cinta a wannan zamani yakan zaro waya ya ɗauki hotonta, ya aika wa wanda yake kyautata wa zaton sani, yana tambaya ko wannan ana ci. Wanda aka tambaya kuwa, in dai masani ne na haƙiƙa mai tsoron Allah, iyakar abin da zai iya faɗa shi ne ta yi kama da iri kaza, domin abin da hoto ke bayarwa zato ne, tukunya kuwa ba a ɗora ta sai da yaƙini. Dalilin haka zai fi fitowa fili idan muka dubi wasu iri biyu da kamanninsu ya sha jawo asarar rayuka.

A ƙasar Sin da maƙwabtanta na kudu akwai wata laima da ake nomawa a kan ruɓaɓɓen karan shinkafa, ana cire ta tun tana ƙarama, tana ƙudundune cikin fatarta da siffar ƙwai, kuma abinci ce sananniya a kowace kasuwa. A Turai kuma akwai wata mai suna amanita faloyidis, wadda ita ce sanadin mafi yawan mace-macen da laimar kwaɗi ke jawowa a duniya, tana tsirowa a gindin itacen ok, ta kuma bi dashen wannan itace har ta isa Amurka da Ostireliya. A daren shiga shekarar 2012, a birnin Kanbera na Ostireliya, wasu 'yan asalin ƙasar Sin suka dafa amanita suka ci, bisa zaton da aka yi cewa sun ɗauke ta ne a matsayin laimar shinkafar da suka saba da ita a gida, kuma cikin 'yan kwanaki mutum biyu daga cikinsu suka rasu a asibiti a Sidni, hantarsu ta lalace. Abin lura shi ne waɗannan bayin Allah da hannunsu suka riƙe ta, da idonsu suka gan ta, amma kamannin ya rinjaye su, balle wanda ke nesa yana duban fuska ɗaya tata a allon waya.

Bambancin da ke tsakanin biyun yana nan, sai dai yana ɓoye ne a wuraren da mai ɗaukar hoto bai cika kai wa gare su ba. Dukansu suna da wani kwanso a gindi, wato ragowar fatar da suka fito daga cikinta, amma ita amanita tana da zobe na siririyar fata a wuyan karanta, wanda laimar shinkafa ba ta da shi. Sai dai wannan zobe rarrauna ne ƙwarai, ruwan sama kan manna shi a jikin kara, dodon koɗi kan cinye shi, ko yatsan mai tsinka ya goge shi ba da saninsa ba, saboda haka rashin ganinsa a hoto ba hujja ce ta cewa babu shi tun asali ba. Launin hular ma ba abin dogaro ba ne, domin ta amanita takan zo kore-kore, ko rawaya-rawaya, ko ta koɗe har ta kusa zama fara bayan ruwa ya dake ta, ga kuma ita kanta waya tana gyara launi gwargwadon haske, ta yadda abu ɗaya zai fito da kala dabam da hantsi, da wata kala dabam a ƙarƙashin fitila. Shi kuwa kwanson gindi, wanda ke raba amanita da wasu fararen laimomi da dama da ake ci, galibi a binne yake cikin ƙasa, don haka duk wanda ya sa wuƙa ya yanke daga sama ya bar babbar shaidar a rami.

Alamar da ta fi ƙarfi a wajen masana ita ce launin ƙurar irin da laima ke zubarwa daga siraran ganyayyakin da ke jere a ƙarƙashin hularta, kuma gano wannan aiki ne na sa'o'i. Akan yanke hular daga kara, a kifa ta a kan takarda wadda rabinta fari ne rabinta baƙi, a rufe da kofi don kada iska ta taɓa, a bar ta ta kwana. Da safe idan aka ɗaga, za a tarar da zanen ƙura a kan takardar: ta amanita fara ce sol, ta laimar shinkafa kuwa ja-ja ce mai sirkin ruwan ƙasa. Amma fa a nan ma akwai tarko, domin ganyayyakin laimar shinkafa farare ne tun tana ƙarama, sai ta girma suke rinewa, ita kuwa ƙaramar da ke cikin ƙwai ba ta fara zubar da ƙura ba sam. Ke nan lokacin da aka fi son cinta shi ne lokacin da ta fi kama da mai kisa. Inda shubuha ta ci gaba, masani sai ya koma ga madubin ƙara girman abu, ya auna ƙwayar ƙurar, wadda tsawonta kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ne, ya ɗiga mata ruwan aidin ya ga ko za ta yi shuɗi.

A nan nake ganin hoto daidai yake da shaidan da ya ga rabin al'amari: alƙali zai iya kafa tuhuma da maganarsa, amma ba zai wanke kowa da ita ba. Idan hoto ya nuna zobe da kwanso da fararen ganyayyaki, ya isa a ce a zubar. Idan bai nuna su ba, bai tabbatar da komai ba. Sa'an nan hoton na guda ɗaya ne, alhali kwando na iya ɗaukar talatin, kuma rabin hular amanita guda ya isa ya halaka babban mutum.

Mu ma a ƙasashenmu masu zafi muna da namu rabon na wannan fitina, domin akwai wata babbar farar laima mai tsirowa a ciyawa, wadda ƙurarta koriya ce, ganyayyakinta kuwa farare ne kafin ta tsufa, tana sa amai da gudawa mai tsanani, ana kuma iya ɗaukarta a matsayin laimar suri da ake ci. Ita ta surin alamarta doguwar saiwa ce da ke nutsawa har cikin gidan gara, wadda ba ta bayyana sai an tona.

Abin da ya sa kuskure a wannan babi ba shi da sauƙin gyara shi ne ɗabi'ar dafin amanita. Dafuwa ba ta karya shi, haka shanya, haka sanyin firji, kuma waɗanda Allah ya kuɓutar sun ce ɗanɗanonta mai daɗi ne. Mutum zai ci ya kwanta lafiya, sai bayan sa'a 6 zuwa 24 amai da gudawa su taso. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai su lafa, iyali su yi hamdala, alhali a daidai wannan lokaci dafin yana hana ƙwayoyin hanta ƙera sinadaran da suke rayuwa da su, sai daga kwana na uku zuwa gaba shawara ta bayyana a ido, jini ya daina daskarewa, hankali ya gushe. Don haka wanda ya ci laimar daji ya shiga shakka, wajibi ne ya tafi asibiti nan take, ko da bai ji komai ba tukuna, domin gawayin magani da ƙarin ruwa sun fi amfani a sa'o'in farko. Ya tafi da ragowar abincin, da ɗanyar laimar in akwai, a tone ta har gindinta, a naɗe ta a takarda, kada a sa ta a leda, domin leda tana ruɓar da ita kafin masani ya samu dubawa.