Mai ɗaukar bidiyon fatake a Inugu, Anacha da Fatakwal

A kasuwar Gariki ta Inugu, da Ose ta Anacha, da Mil Uku ta Fatakwal, wata sana'a ta tsiro a gefen tsohuwar sana'ar fatauci. Saurayi ne da waya mai kyamara mai kyau, mai albasa ko mai raguna ya kira shi, ya ɗauki kayan, ya yayyanke bidiyon, ya ɗora a TikTok ko Facebook, a sallame shi. Wanda bai sani ba zai ɗauka gwanintar a riƙe waya take, alhali tana wurin sanin yadda manhajar ke zaɓen bidiyon da za ta fara nuna wa mutum idan ya buɗe ta.

Zaɓen hawa biyu ne, kamar yadda injiniyoyin Google suka bayyana tsarin YouTube a wata takarda ta 2016. Da farko na'ura na tsamo 'yan ɗaruruwa daga miliyoyin bidiyo, waɗanda take ganin za su dace da wannan mai kallon. Sannan ta ba kowanne maki, ta jera su, mai maki mafi yawa a sama. Abin lura shi ne bidiyo ba shi da maki guda da yake yawo da shi. Ga kowane mai kallo sabon lissafi ake yi, don haka bidiyon da ya zo na farko a wayar mahauci yana iya zama na ɗari a wayar tela.

A Disambar 2021 jaridar New York Times ta buga abin da ta gani a wata takardar cikin gida ta TikTok, har da wannan lissafin da aka sauƙaƙa:

```
Plike × Vlike + Pcomment × Vcomment + Eplaytime × Vplaytime + Pplay × Vplay
```

P hasashe ne na yiwuwar mutum ya danna alamar so, ko ya yi tsokaci, ko ya kunna bidiyon. E hasashen tsawon lokacin da zai yi yana kallo. V kuwa nauyin da kamfanin ya ɗora wa kowane ɗaya, kuma wannan sirrinsu ne.

Mu ƙaddara Alhaji ya sauke raguna a Gariki ana saura mako biyu Babbar Sallah, yaron ya yi masa bidiyo biyu, kowanne daƙiƙa 40. A na farko Alhaji ya fara da sallama, ya gaida 'yan'uwa na gida da na waje, ya tambayi iyali, sai a daƙiƙa ta goma rago ya bayyana. A na biyu ragon ne ya cika fuskar waya tun daƙiƙar farko, ana buɗe bakinsa ana nuna haƙora, murya tana faɗin kuɗinsa. Don misali kawai, mu ce alamar so maki 10 ce, kowace daƙiƙar kallo maki 1. Na farko mutanen Alhaji suna son sa, takwas cikin ɗari sun danna, amma yawanci a daƙiƙa 6 suke wucewa: makinsa 6.8. Na biyu uku kacal cikin ɗari suka danna, sai dai ana kai daƙiƙa 26 ana kallo: makinsa 26.3. Na biyun ne zai hau, ko da Alhaji yana ganin na farkon ya fi mutunci.

Nan ne sana'ar ke da wuya ga Bahaushe, domin a wurinmu shiga magana babu gaisuwa rashin tarbiyya ne. Ban ga dalilin zubar da sallama saboda na'ura ba. Gwanayen sun samo hanya: bakin Alhaji yana sallama, ido kuma yana kan rago tun farko, ko a rubuta farashi a jikin hoton yayin da ake gaisuwar. Yaron kan tabbatar da aikinsa a shafin Analytics, inda wani layi ke nuna adadin waɗanda suka rage a kowace daƙiƙa. Idan layin ya faɗo warwas a daƙiƙa uku na farko, mabuɗin ne bai yi ba. Idan ya tafi daidai sannan ya karye a tsakiya, sai ya je daidai wurin ya duba, galibi zai tarar an maimaita magana ko kyamara ta bar kaya ta koma kan fuska.

Fifita lokacin kallo ya samo asali ne daga wata matsala. Kafin 2012 YouTube yawan dannawa take ƙirgawa, sai mutane suka koma sa hoton yaudara a gaba, a danna a ga ba haka ba a fita. A shekarar ta koma auna tsawon zama. TikTok ma a bayaninta na Yunin 2020 ta ce kallon dogon bidiyo har ƙarshe alama ce mai ƙarfi, kuma yawan mabiya ba ya shiga lissafin kai tsaye, abin da ya sa yaron da ya buɗe shafi jiya yake iya wuce mai mabiya dubu ɗari. A Janairun 2025 shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya lissafa alamomi uku da suka fi nauyi a wurinsu: lokacin kallo, alamar so, da tura bidiyo ga wani, ya ce turawar ta ɗan fi tasiri wajen kai wa waɗanda ba sa bin ka. Roƙon "ku danna, ku yaɗa" kuwa, tun Disambar 2017 Facebook ta sanar cewa tana danne irinsa.

Sai dai akwai tarkon da ya shafi mazauna Kudu musamman. Na'urar tana neman wanda zai zauna ya kalla, ba ruwanta da wanda zai saya. Bidiyon da aka yi da Hausa zalla a Inugu, waɗanda za su fi kallonsa har ƙarshe Hausawa ne, kuma mafi yawansu suna Kano, Kaduna, Sakkwato, har Maraɗi. Da na'urar ta ga su ne ke zama, sai ta ƙara tura musu. Lamba ta yi ta hawa, Alhaji ya yi murna, amma wayarsa shiru, don ba wanda zai taso daga Kano, inda dabbobi suka fi sauƙi, ya zo sayen rago Inugu. Ana gane wannan ciwon a wurin da manhajar ke nuna garuruwan masu kallo, da kuma tsokacin da aka bari: idan duk "Allah ya ba da kasuwa" ne, babu mai tambayar nawa ne ko ina rumfar take, bidiyon ya tafi inda ba ciniki.

Maganin yana farawa da tambayar da yaron kirki ke yi kafin ya kunna kyamara: "Alhaji, wa muke so ya saya?" Idan matan Ibo masu sayar da abinci a Anacha ake nema da buhun albasa, to farashin da Turancin buroka za a faɗa, a sa "bia" da "ego ole" na Ibo da kowane ɗan kasuwa a can ya iya, a rubuta sunan Ose a rubutun ƙasan bidiyon, domin TikTok ta faɗa da kanta cewa rubutun da sautin suna cikin abin da take karantawa. Idan kuma 'yan'uwa mazauna Fatakwal ake nema da kilishi, Hausa ce daidai, amma a ambaci Mil Uku ko Oyigbo tun a jimlar farko, don na Kano ya wuce da wuri, na kusa ya tsaya, na'urar ta koyi bambancin. Wasu kan raba shafi biyu saboda haka, ɗaya na Hausa ɗaya na buroka, don kada masu kallon su cakuɗe.

Wannan yana rage yawan kallo, kuma nan ake samun saɓani wajen biya. Mai kaya da ya saba jin dubu hamsin sun gani ba ya jin daɗin dubu biyu. Shi ya sa na fi ganin adalci a yi ciniki irin na dillali, a ba yaron la'ada kan kowane ragon da aka sayar ta hanyar bidiyon, a riƙa tambayar mai saye inda ya ga kayan. Idan kan yawan kallo ake biyansa, dole ya yi wa Kano bidiyo, ragunan kuma suna ɗaure a Gariki suna cin dusa.