Jirin Juyawa Bisa Gado

Kai mai karatu, ka taɓa juyawa bisa gado, sai ka ga ɗaki yana kewayawa, kafin minti ɗaya ya tsaya? To, ba iskoki ba ne. Can cikin kunnenka akwai 'yan tsakuwoyi irin alli, ba su kai ƙwayar yashi ba. Idan suka goce, suka faɗa cikin bututun ruwan da ke auna juyawar kai, sai su kaɗa ruwan, ƙwaƙwalwa ta zaci juyi kake yi. Likita yakan kwantar da mutum, ya riƙa juya kansa daki-daki, yana dakatawa rabin minti, har su koma mazauninsu. Amma in jirin ya zo da nauyin harshe ko mutuwar hannu, kada ka kwana Darna Sabon Gari, garzaya asibitin Illela.