Cacar kurket: Yadda fili, jefa kwabo da tsarin wasa ke sauya lissafi

A Gudu, kamar sauran unguwannin Abuja, ƙwallon ƙafa ce ta mamaye cacar wasanni, amma manhajojin caca na tallata wasan kurket ma. Iri biyu sun yi fice: hasashen ɗan wasan da zai fi tara maki a ƙungiyarsa, da hasashen ko jimillar makin ƙungiya a zagayen bugunta za ta haura wani adadi ko ta gaza.

Wasan Najeriya da Kwaddibuwa na ranar 24 ga Nuwamba, 2024, ya nuna inda haɗarin yake. Najeriya ta fara bugu ta tara maki 271, Selim Salau shi kaɗai ya samu 112. Kwaddibuwa kuwa duk 'yan wasanta suka fita da maki 7 kacal.

Da a ce Kwaddibuwa ce ta fara bugu ta tsaya a 7, da maki 8 kawai Najeriya za ta nema, wasa ya ƙare. Wanda ya zuba kuɗi cewa za ta haura 150 ya yi asara ke nan, alhali ƙungiyar da ya zaɓa ta yi nasara. Kyaftin ɗin da ya ci jefa kwabo shi ke zaɓar fara bugu ko fara jifa, kuma mai bugu na biyu yana tsayawa da zarar ya zarce makin abokin karawarsa.

Tsarin wasa ma yana da nasa tasirin. A T20, ƙungiya na da jifa 120 ne kawai, don haka masu buɗe bugu, irin su Salau a ranar, suka fi samun damar zama zakara; na shida ko na bakwai sau da yawa jifa kaɗan ke isa gare shi. A wasan yini guda mai jifa 300, na uku da na huɗu suna da lokacin tara maki.

Sai kuma filin jifa, mai tsawon yadi 22. Idan da ciyawa da danshi, ƙwallo kan karkace wa masu jifa da sauri, masu buɗe bugu su fita da wuri. Idan ya bushe ya tsattsage, masu murza ƙwallo ke cin kasuwa, maki ya ragu. Raɓar dare kuwa tana sa ƙwallo santsi a hannun mai jifa, abin da ke taimakon mai bugu na biyu.

Kamfanonin caca sun san duk wannan, kuma sun cire ribarsu tun farko. Misali, idan farashin ɓangarorin biyu 1.85 ne, mutum biyu suka zuba naira 1,000 kowanne, ɗaya kan haurawa ɗaya kan gazawa, wanda ya ci zai karɓi naira 1,850. Ragowar naira 150 ta kamfani ce, ko wane ɓangare ya yi daidai.